xG: Lambar da ke tona asirin teburin gasa, da inda ita ma take gazawa

A watan Disamba na 2021 King Faisal ta doke Asante Kotoko da ci 3-2 a filin wasa na Baba Yara da ke nan Kumasi, Zubairu Ibrahim kuma shi kaɗai ya ci duka ukun. A lokacin ƙungiyar ta Alhaji Karim Grusah tana cikin na gaba-gaba a teburin gasar Firimiyar Ghana, kuma daga Aboabo zuwa Asawase har an fara maganar kofi. Da kakar ta zo ƙarshe Kotoko ce ta ɗauki kofin, King Faisal kuwa da ƙyar ta tsira daga faɗuwa. Kakar da ta biyo baya, ta 2022/23, ta faɗi ɗin.

Duk mai kallon ƙwallo ya san irin wannan labari. Ƙungiya ta taso kamar guguwa, a yi ta kuranta ta, bayan wata uku a neme ta a rasa. Wata kuma ta yi ta shan kashi, a kori koci, alhali wasanta ba shi da laifi. Tambayar da muke yi a gidan kallo da wajen shan ataya ita ce: wannan nasara mai ɗorewa ce, ko kuwa wutar kara ce? Teburi ba ya amsa wannan tambaya, domin abin da ya riga ya faru kawai yake nunawa. Akwai wata lamba da ta fi shi iya amsawa, wadda yanzu take fitowa a wayar kowane yaro mai FotMob ko Sofascore, wato xG. Na daɗe ina bibiyarta, kuma abin da nake so in nuna shi ne yadda ake karanta ta, da kuma inda bai kamata a bi ta ido rufe ba.

Mene ne xG?

Harufan biyu taƙaitawa ce ta Turanci, ma'anarsu ƙwallayen da ake sa ran ci. Kamfanonin tattara alƙaluman wasa irin su Opta sun adana dubban ɗaruruwan bugu da aka nufi raga da su. Kowane bugu an rubuta daga ina aka yi shi, nisansa da raga, ko daga tsakiya ne ko daga gefe, da ƙafa ne ko da kai, da kuma irin ƙwallon da aka ba mai bugun. Idan ɗan wasa ya yi sabon bugu yau, sai a duba 'yan uwansa na baya masu kama da shi, a ga nawa ne suka shiga raga. Idan goma cikin ɗari suka shiga, darajar wannan bugu ita ce 0.10. Idan arba'in ne, 0.40. Ana tara na duk bugun da ƙungiya ta yi a wasa, jimillar ita ce xG ɗinta na ranar. Tun kakar 2017/18 shirin ƙwallo na talabijin ɗin BBC ya fara nuna lambar bayan wasannin Firimiyar Ingila, daga nan ta bazu.

Mu 'yan Ghana muna da wasa guda da ya ishe mu fahimtar wannan, ko da yake tuna shi ba daɗi. Ranar 2 ga Yuli 2010, a Johannesburg, dab da tafiya hutun rabin lokaci, Sulley Muntari ya narka wa Uruguay ƙwallo daga nisan da ya wuce yadi 30. Irin wannan bugu, a cikin ɗari da wuya a samu fiye da biyu ko uku da ke shiga. Ya shiga. A minti na ƙarshe na ƙarin lokaci kuma Luis Suarez ya tare ƙwallo da hannu, aka ba Asamoah Gyan fenareti. Fenareti yana ɗaya daga cikin damarmaki mafiya daraja a ƙwallo, tsakanin 0.76 da 0.79 gwargwadon kamfanin da ya yi lissafin, wato kusan uku cikin huɗu suna shiga. Na Gyan ya daki turken sama.

To ka ga, mai wuyar ya shiga, mai sauƙin ya ƙi. Wannan bai nuna lambar ƙarya take yi ba. Lambar ba ta ce fenareti dole ya shiga ba, cewa ta yi ɗaya cikin huɗu ba ya shiga, kuma namu ya faɗa cikin ɗayan nan. Amma da za a ce wa koci ya zaɓi abin da zai samu sau ɗari, bugun Muntari ko fenaretin Gyan, ai babu mai hankalin da zai tsaya tunani. Duk amfanin xG a nan yake: yana auna darajar damar da aka samu, ya bar maganar ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Lambobi uku sun isa mutum ya riƙe a ka. Matsakaicin bugu a manyan gasannin Turai yana wajen 0.10. Bugu daga wajen yadi 18 yawanci yana wajen 0.03. Babbar dama kuwa, irin wadda ɗan wasa ya rage daga shi sai gola, tana wajen 0.40. Wannan ta ƙarshe tana ba mutane mamaki. Damar da muke tsalle muna cewa ko jariri zai ci, a zahiri ƙwararrun 'yan wasa sun fi ɓarar da ita a kan cin ta.

Wasa guda ba ya hukunci

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar xG na wasa guda kamar shi ne sakamakon gaskiya. Za ka ji yaro yana nuna waya yana cewa, “Ai mu ne muka ci, duba, 2.0 da 1.0, sata kawai aka yi mana.” Idan aka yi lissafin yiwuwa a kan waɗannan lambobi biyu, abin da ke fitowa shi ne: da za a buga wasan nan sau goma da irin waɗannan damarmaki, mai 2.0 zai ci wajen shida, a yi kunnen doki a biyu, a doke shi a biyu. Ke nan sau huɗu cikin goma wanda ya fi samun dama ba ya tafiya da maki uku, ba kuma tare da alƙalin wasa ya yi wa kowa sata ba. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, shi ya sa sa'a take da babban rabo a cikin minti 90.

Abu na biyu shi ne yawan bugu ba shi ne darajar bugu ba. Ranar 28 ga Nuwamba 2022 a Qatar, Koriya ta Kudu ta yi bugu sama da 20, Black Stars ba su kai goma ba, amma mu muka ci 3-2. Wanda ya kalli yawan bugu kaɗai zai ce an yi mana ruwan wuta mun tsira da sa'a. To amma a tuna inda ƙwallayenmu suka fito. Mohammed Salisu ya ci tasa a gaban raga bayan bugun tazarar Jordan Ayew ya hargitsa 'yan baya. Mohammed Kudus ya ci ta farko da kai daga kusa, ta biyu kuma da ƙafar hagu a cikin yadi 18. Duka ukun daga cikin gida aka ci su. Bugu uku daga kusa suna iya fin goma daga nesa nauyi, kuma xG shi ne ma'aunin da ke raba su.

Sai an tara wasanni da yawa sa'a take fara wankewa. Ni dai ba na sauraron hujjar xG kafin a buga wasa goma, kuma ko a nan da taka-tsantsan. Ko kaka guda cur ba ta wanke ta duka. Ƙungiyar da ta tara xG 50 a wasa 38, idan ta ci 44 ko ta ci 56, babu wani abin mamaki, sa'a kaɗai na iya kawo wannan tazara ta shida ko bakwai. Sai tazarar ta kai goma sha uku ko fiye ne mutum zai gyara zama ya ce lallai akwai magana.

Manchester United ta 2017/18

Misalin da na fi so in yi aiki da shi na ƙungiyar da ke da ɗimbin magoya baya a Zango ne, don haka a yi mini haƙuri. A kakar 2017/18, ƙarƙashin Jose Mourinho, Manchester United ta ƙare a matsayi na biyu da maki 81. Ta ci ƙwallo 68, aka zura mata 28 kacal. Manchester City ce kaɗai ta fi ta tsaron gida, da ƙwallo ɗaya tak. Duk wanda ya kalli teburi zai ce ga ƙungiya mai katangar ƙarfe, saura ƙiris ta koma kan karagarta.

Yanzu mu bi matakan karatun ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko, a ajiye ƙwallayen da aka ci kusa da xG, gaba da baya. A gaba, damar da United ta ƙirƙira ta kai darajar ƙwallo 55 zuwa 60, gwargwadon kamfanin da aka duba, ta kuma ci 68. Ta ɗara, amma ba ɗarawar da za ta tayar da hankali ba. A baya ne abin yake. Damar da ta bari abokan hamayya suka samu, wadda ake rubutawa xGA, ta haura 40. An ba da damar ƙwallo arba'in da wani abu, 28 suka shiga. Tazarar ta kai sha uku zuwa sha biyar, daidai inda muka ce a gyara zama.

Mataki na biyu, a tambaya daga ina tazarar ta fito. Amsar a nan suna guda ce, David de Gea. A kakar ya buga wasa 18 ba a zura masa ko ɗaya ba, ya karɓi kyautar golan da ya fi kowa. Wasan da ya fi nuna haka shi ne na 2 ga Disamba 2017 a gidan Arsenal. Arsenal ta yi bugu 33, United ta yi 8. De Gea ya tare 14, adadin da ya yi daidai da tarihin gasar na wasa guda. xG na Arsenal ya haura 4, amma ƙwallo ɗaya ta ci ta hannun Alexandre Lacazette, United ta tafi da 3-1. Teburi ya rubuta maki uku, bai rubuta cewa mutum guda ne ya ɗauki kayan goma ba.

Mataki na uku, a tambaya ko abin da ya kawo tazarar mai maimaituwa ne. De Gea gwani ne, ba mai musu. Amma gwanin gola yakan ceci ƙwallo 'yan kaɗan a kaka fiye da matsakaicin gola, ba sha biyar kowace shekara ba. Abin da ya yi a kakar haɗuwar ƙwarewa ce da shekarar da komai ya faɗa hannunsa. Ƙwarewar za ta zauna, shekarar kuwa ba a yi mata alkawarin dawowa ba. Ba kullum ake kwana a gado ba. Shafin Understat yana da wani lissafi da yake rubutawa xPTS, wato makin da damarmakin suka cancanta, kuma ya ba United maki sittin da 'yan kai a maimakon 81.

Me ya faru? A kakar 2018/19 United ta ci ƙwallo 65, kusan daidai da na bara. Amma an zura mata 54, ta ƙare ta shida da maki 66, Mourinho kuma an sallame shi tun 18 ga Disamba 2018. De Gea yana nan a raga, bai je ko'ina ba.

Sai dai a lura da wani abu, domin masu son xG sukan yi saurin buga ƙirji a nan. Lambar ba ta hango 54 ba. Abin da ta nuna shi ne ƙungiyar nan ta ƙwallo arba'in da wani abu ce, ba ta 28 ba. Sauran ya zo ne saboda tsaron gidan kansa ya ƙara lalacewa a sabuwar kakar, har xGA ɗin ya tashi zuwa wajen 50. Wato rabin faɗuwar sa'a ce ta janye hannu, wannan xG ya gani tun da wuri. Ɗaya rabin sabuwar matsala ce, kuma babu lambar bara da za ta iya ganin ta.

Ɗaya fuskar: Brighton

Karatun yana aiki ta ɗaya gefen ma, amma da darasi na daban. A kakar 2020/21 Brighton ta Graham Potter ta ƙare ta 16 da maki 41, ta ci ƙwallo 40 alhali xG ɗinta ya haura 50. Mako guda a watan Fabrairun 2021 ya taƙaita kakar duka. Crystal Palace ta zo gidanta, Brighton ta yi bugu 25, Palace ta yi 3, Palace ta ci 2-1. Kwana biyar bayan nan ta je West Brom, ta ɓarar da fenareti biyu, aka doke ta 1-0. A wurare da yawa da tuni an nuna wa koci ƙofa. Shugabannin Brighton sun bar shi, kakar da ta biyo ƙungiyar ta ƙare ta tara da maki 51, ta bayanta kuma, bayan Potter ya koma Chelsea Roberto De Zerbi ya gaje shi, ta ƙare ta shida.

Har nan labarin ya yi wa xG daɗi. Amma a duba da kyau: a kakar da ta hau ta tara, ƙwallo 42 ta ci, biyu kacal sama da na bara. Matsalar cin ƙwallon ba ta gushe don kanta ba. Idan tazara ta maimaitu shekara da shekara da 'yan wasa iri ɗaya, to ta daina zama rashin sa'a, ta zama halin ƙungiya. Wannan ya kawo mu ga iyakokin lambar.

Inda lambar ke gazawa

Na farko, xG bai san wanda ya yi bugun ba. Darajar da yake bayarwa ta matsakaicin ɗan wasa ce. Akwai 'yan wasa ƙalilan, irin su Lionel Messi da Son Heung-min, da suka shafe shekaru suna cin fiye da xG ɗinsu, kuma wannan ba sa'a ba ce. Yadda ake ganewa shi ne a duba tarihin mutum. Ɗan wasan da ya ɗara lambar kaka huɗu ko biyar a jere, a yarda da shi. Wanda shekarunsa na baya duk daidai yake da lambar, sai bana ya ci 12 daga damar 6, to a jira shi a gaba. Haka ma gola. Wasu manhajoji suna nuna wata lamba mai suna xGOT, wadda ke auna bugun bayan ya tashi, ta duba wace kusurwar raga ya nufa. Ita ce ta fi dacewa da auna gola, domin tana raba ƙwallon da gola ya ƙwato daga lungu da wadda aka buga masa a ciki.

Na biyu, lambar ba ta san yadda wasa yake tafiya ba. Mu koma wasan Arsenal ɗin nan. Kafin minti 12 United tana gaba da 2-0, ta hannun Antonio Valencia da Jesse Lingard. Ƙungiyar da ke gaba da biyu a gidan wani ba ta da dalilin fitowa, sai ta ja da baya ta bar maka ƙwallo. A minti 15 na ƙarshe ma da mutum goma ta yi wasa bayan an kori Paul Pogba. Saboda haka wani kaso na bugu 33 ɗin sakamakon cin farko ne. Ƙungiyar da ta saba cin ƙwallo da wuri, xG zai riƙa nuna ta ƙasa da ƙarfinta, wadda kuma kullum tana bin bashi zai riƙa kumbura ta. Maganin wannan shi ne a buɗe jerin bugun minti bayan minti, a ga yadda lambar take lokacin da ake kunnen doki. Wannan ɓangaren ya fi faɗin gaskiya.

Na uku, abin da ba a buga ba, ba a ƙirga shi. Ƙwallo ta ratsa gaban raga, ɗan wasan gaba ya miƙa ƙafa ya rasa ta da taƙi guda, gidan kallo ya ɗauki ihu, amma a xG sifili ne, tunda ba a yi bugu ba. Akasin haka kuma, hari guda na iya kumbura lambar. A ce an buga fenareti mai 0.76, gola ya amayar, aka sake bugawa daga kusa da darajar 0.70. In an tara sun zama 1.46, alhali ƙwallo ɗaya ce kawai za ta iya fitowa daga harin. Lissafin da ya dace yana ba da wajen 0.93. Wasu kamfanoni suna gyara wannan, wasu ba sa yi. Shi ya sa za ka ga wasa guda da lambobi daban-daban a manhajoji biyu, kuma shi ya sa ba a haɗa lambar wani kamfani da ta wani a hujja guda. Fenareti ma gara a cire shi gefe idan ana auna ƙungiya, domin wadda ta samu shida a wasa goma ba lallai ta sake samun haka ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi shafar mu a nan gida. xG yana magana ne a kan ƙungiyar da ta buga wasannin, ba wadda za ta fito baɗi ba. Kotoko ta ɗauki kofin 2021/22 da Prosper Narteh Ogum a matsayin koci, ɗan Kamaru Franck Etouga Mbella kuma ya ci mata ƙwallo 21 a gasar. Ba a daɗe ba kocin ya tafi, Mbella ma ya koma Al Masry ta Masar, kakar da ta biyo kuma Medeama ta Tarkwa ce ta ɗauki kofin. Ko da alƙaluman Kotoko na shekarar kofin sun fi na kowa kyau, ba za su gaya maka komai a kan ƙungiyar da ta rasa kocinta da mai ci mata ƙwallo ba. A gasar da duk yaron da ya haska sai a saye shi zuwa waje, dole a fara duba jerin 'yan wasa kafin a duba kowace lamba.

Littafi da biro a Baba Yara

Understat gasa shida kawai yake bi: Ingila, Sifaniya, Jamus, Italiya, Faransa da Rasha. Tamu ba ta ciki. Amma tunanin da ke bayan xG ba ya buƙatar kwamfuta, kuma nakan yi shi da ƙaramin littafi idan na je kallo. Nakan ja layi uku ga kowace ƙungiya. Layin farko na babbar dama, 0.40. Na biyu na sauran bugun cikin yadi 18, 0.10. Na uku na bugun waje, 0.03. Fenareti nakan rubuta shi daban. Duk bugun da aka yi sai in ɗiga masa alama a layinsa tun kafin in bari ihun jama'a ya sauya mini ra'ayi.

Ga misali na yadda lissafin ke fita. A ce masu masauki sun yi bugu 14: babbar dama ɗaya, huɗu a ciki, tara daga waje. Wato 0.40 da 0.40 da 0.27, jimilla 1.07. Baƙi sun yi 5 kacal: babbar dama biyu, biyu a ciki, ɗaya daga waje. Wato 0.80 da 0.20 da 0.03, jimilla 1.03. A hanyar komawa gida kowa zai ce masu masauki sun mamaye wasa, 14 da 5, amma littafin yana cewa kunnen doki aka yi a dama. Idan baƙin ne suka ci 1-0, babu wanda aka zalunta.

Wannan awo ne na kimantawa, kamar awon mudu, ba na sikeli ba. Lambobin daga filayen Turai aka samo su, masu ciyawa kamar darduma, kuma a filin da ƙwallo ke tsalle kafin ta iso ƙafa, ko babbar dama tana iya yin ƙasa da 0.40. Idon mai rubutu ma yana da son kai, musamman idan ƙungiyarsa ce a fili. Amma tunda ma'auni ɗaya ake sa wa ɓangarorin biyu, bayan wasa takwas ko goma hoto yana fitowa. Idan ƙungiya tana saman teburi, littafin kuma ya nuna a yawancin wasanni abokan karawarta sun fi ta babbar dama, to tana cin bashi ne, kuma ranar biya tana tafe. Idan tana ƙasa amma ita ce ke fin samun dama mako bayan mako, korar koci na iya zama zubar da abin da ya kusa nuna.

Kalma guda ga samarin da ke ɗaukar lambar nan su kai ta shagon caca, suna ganin sun gano asiri. Kamfanonin da ke karɓar kuɗinku sun riga ku sanin xG da shekaru, suna da alƙaluman da suka fi na wayarku zurfi, kuma sun riga sun sa shi a cikin farashin da suke ba ku. Lambar da ke cewa mai 2.0 yana kasa cin wasa huɗu cikin goma ba za ta iya gaya maka wane huɗun ba ne.

Saboda haka idan musu ya tashi a kan ƙungiyar da ke tashe, tambayoyi huɗu nake yi kafin in sa baki. Wasa nawa aka buga? Tazara nawa ce tsakanin ƙwallayen da lambar, gaba da baya, bayan an cire fenareti? Wane ne ya kawo tazarar, kuma ya saba yin haka a shekarun baya? Sannan, shi da kocin suna nan zuwa baɗi? Idan amsoshin sun nuna ƙungiyar tana samun dama fiye da yadda take bayarwa, kuma mutanenta ba su watse ba, nakan ce za ta ɗore ko da an doke ta ranar Lahadi. Idan kuwa duk nasarar a wuyan gola guda take rataye, ko a ƙafar ɗan wasan da bai taɓa yin irin wannan shekara ba, nakan ce a ji daɗinta tun tana nan, amma kada a yi saurin ɗinka rigar kofi.